Layi ɗaya, amsa huɗu: yadda wata ɗaliba ta koyi karanta saurin ƙaruwa a ma'aunin log

## Kafin a fara

Ɗalibar tana shekararta ta farko a aikin ɗakin gwaje-gwaje. An ba ta kwalba ɗaya ta ruwan renon bakteriya, marar abinci da yawa a ciki, aka ce ta riƙa ɗibar samfuri duk bayan awa biyu har tsawon awa 24, ta ƙirga ƙwayoyin da ke cikin kowace mililita. Tambaya biyu ake so ta amsa a rahotonta: wane lokaci ne ƙwayoyin suka fi saurin ƙaruwa, kuma awa nawa suke ɗauka kafin yawansu ya ninka biyu.

Ta iya lissafin sakandare daidai gwargwado. Ta san akwai maɓallin `log` a kalkuleta, ta kuma taɓa amfani da shi a jarrabawa, amma ba ta taɓa zana abu a kan ma'aunin log ba. Ga abin da ta ƙirga, kowace lamba a dubbai ce cikin mililita ɗaya:

| Awa | Adadi (dubu) |
|---|---|
| 0 | 46 |
| 2 | 51 |
| 4 | 90 |
| 6 | 168 |
| 8 | 300 |
| 10 | 560 |
| 12 | 1,000 |
| 14 | 1,850 |
| 16 | 3,100 |
| 18 | 4,400 |
| 20 | 5,100 |
| 22 | 5,300 |
| 24 | 5,400 |

Ƙirgar ba ta da matsala. Duk abin da ya biyo baya daga zane da karanta zane ya fito.

## Rana ta 1 bayan ƙirga: zane a ma'auni na yau da kullum

Ta ɗauki takardar zane mai gida-gida, ta sa awoyi a layin kwance, adadi a layin tsaye. Layin tsayen ta yi masa santimita 12, daga sifili zuwa 6,000, wato kowace santimita tana ɗauke da 500. Da wannan rabon, 46 ya zauna ƙasa da milimita ɗaya daga gindin takarda, 300 kuwa a milimita 6. Ɗigo biyar na farko duk suka kwanta a ƙasa kamar ba abin da ke faruwa. Daga awa ta 10 sai layin ya ɗaga, ya miƙe sama sosai tsakanin awa ta 14 da ta 18, sannan ya kwanta.

Abin da ido ya gani shi ta rubuta: ƙwayoyin sun yi barci har wajen awa ta 10, sun fi saurin ƙaruwa tsakanin awa ta 16 da ta 18, inda aka samu ƙarin 1,300 cikin awa biyu, wato 650 a kowace awa. Lokacin ninkawa kuwa ta kasa fitar da shi, domin 650 a awa ba ya gaya wa kowa yaushe abu zai ninka sai an san daga nawa aka tashi.

Malamin da ke duba aikin bai gyara mata komai ba. Ya ce ta ƙara shafi ɗaya a jadawalin, ta raba kowane adadi da wanda ya gabace shi. Da ta yi, ga abin da ya fito bi da bi: 1.11, 1.76, 1.87, 1.79, 1.87, 1.79, 1.85, 1.68, 1.42, 1.16, 1.04, 1.02. Daga awa ta 2 zuwa ta 14 ƙwayoyin suna ninkuwa kusan sau 1.8 a kowace awa biyu, ba fashi. A wurin da ta kira barci, tsakanin awa ta 4 da ta 6, ninkin 1.87 ne. A wurin da ta ce ya fi ko'ina sauri, 1.42 ne kawai, wato saurin ya riga ya fara faɗuwa. Ƙarin 1,300 ɗin ya yi yawa ne domin ƙwayoyin da ke rabuwa a lokacin suna da yawa, ba don kowace ƙwaya tana rabuwa da sauri ba.

Nan malamin ya ce ta sake zanen a ma'aunin log. Bayanin da ya yi mata gajere ne. A ma'auni na yau da kullum, tazara ɗaya a takarda tana nufin ƙari ɗaya: santimita guda 500 ce, ko a ƙasa ko a sama. A ma'aunin log, tazara ɗaya tana nufin ninki ɗaya: daga 10 zuwa 100 daidai yake da daga 100 zuwa 1,000, domin kowanne ninki goma ne. Don haka abin da ke ninkuwa da adadi ɗaya a kowane lokaci zai riƙa hawa tazara ɗaya a kowane lokaci, ya ba da miƙaƙƙen layi.

## Rana ta 2: ma'aunin log na hannu, da layin da ya ƙi miƙewa

Ba ta da takardar da aka buga da layukan log, sai ta zana da kanta. Ƙaramin adadinta 46 ne, babban kuma 5,400, don haka tana buƙatar daga 10 zuwa 10,000. Tazarar da ke tsakanin lamba da ninkinta goma za mu kira ta zango. Zango uku ke nan, ta ba kowanne santimita 5, jimilla 15. Har nan komai daidai.

Abu na farko da ya tsayar da ita shi ne inda za ta sa sifili. Ta rubuta shi a gindin layin, santimita 5 ƙasa da 10, daga baya ta goge. Zango ɗaya ƙasa da 10 shi ne 1, ƙasa da shi 0.1, ƙasa da wannan 0.01, haka za a yi ta rabawa da goma ba a taɓa isa sifili ba. Ma'aunin log ba shi da sifili, ba shi kuma da lambobin da ke ƙasa da sifili. Ana fara shi ne daga duk inda ya dace da bayanan.

Kuskuren da ya cinye mata yinin na cikin zangon ne. Ta raba tsakanin 100 da 1,000 gida tara daidai wa daida, ta rubuta 200, 300, har 900, kamar yadda ake yi a rula. Da haka 560 ya faɗo kusan tsakiyar zangon, a santimita 2.6 sama da layin 100. Ta sa 168 a santimita 0.4, 300 a 1.1. Da ta haɗa ɗigogin sai ta samu layi mai tudu da kwari: yana tafiya a kwance bayan ya wuce 100, ya miƙe tsaye kafin ya kai 1,000, ya sake kwanciya da ya wuce shi. Ta ɗauka ƙwayoyin ne ke tafiya suna hutawa.

Alamar wannan kuskure a bayyane take ga wanda ya sani: gwiwar layin tana faɗowa daidai kan 100 da 1,000. Bakteriya ba su san da lambobin da muka zaɓa mu rubuta a gefen takarda ba, don haka duk lanƙwasar da ta zo daidai kan layin zango, a fara zargin ma'aunin.

Gyaran shi ne a bi ƙa'idar ninki har cikin zangon. Wurin kowace lamba shi ne log ɗinta sau tsawon zango. Log na 2 shi ne 0.301, don haka a zango mai santimita 5, layin 200 yana santimita 1.5 sama da 100. Log na 3 shi ne 0.477, sai 300 ya zauna a 2.4. Log na 5 shi ne 0.699, sai 500 ya zauna a 3.5. Layin 900 yana a 4.8, dab da 1,000. Layukan suna da faɗi a ƙasan zango, suna matsewa yayin da ake hawa, daga nan a sake farawa a zango na gaba: 2,000 yana santimita 1.5 sama da 1,000, haka ma 20 sama da 10. Tsakiyar zangon ba 550 ba ce, kusan 316 ce, domin 100 sau 3.16 shi ne 316, kuma 316 sau 3.16 ya kai 1,000.

Akwai hanyar tunawa da mutum zai iya ɗauka a ka: 2 yana kusan kashi uku cikin goma na zango, 3 kusan rabi, 5 kusan kashi bakwai cikin goma. Da waɗannan ukun ana iya karanta yawancin zanen log da ido. Tazarar da ke tsakanin 1 da 2 kuwa, santimita 1.5 ɗin nan, ita ce tazarar ninki biyu a ko'ina a takardar. Daga 2 zuwa 4 ita ce, daga 250 zuwa 500 ita ce, daga 500 zuwa 1,000 ma ita ce. Za ta yi amfani daga baya.

Da ta sake zuba ɗigogin a wurarensu na gaskiya, 168 ya koma santimita 1.1, 300 ya koma 2.4, 560 ya koma 3.7. Tudu da kwarin suka ɓace. Zanen ya rabu kashi uku da ido ke gani: ɗan kwance daga awa ta 0 zuwa ta 2, miƙaƙƙen hawa har awa ta 14, sannan lanƙwasa da ta kai ga kwanciya daga awa ta 20.

## Rana ta 3: layi ya miƙe, amma lissafi ya ƙi tsayawa

Yanzu sai fitar da sauri daga layin. A makaranta an koya mata cewa hawan layi shi ne bambancin sama a raba da bambancin kwance, sai ta yi haka da lambobin da ke rubuce a gefe. Daga awa ta 4 zuwa ta 14: 1,850 a ɗebe 90, a raba da 10, ya ba da 176. Don ta tabbatar, ta gwada wasu ɗigogin a kan layin nan dai. Daga awa ta 4 zuwa ta 8 ta samu 52.5. Daga awa ta 10 zuwa ta 14 ta samu 322.5. Miƙaƙƙen layi ɗaya, hawa uku mabambanta.

Wannan gwajin nata ya yi kyau, domin shi ya nuna cewa hanyar ce ba daidai ba. Miƙaƙƙen layi hawa ɗaya gare shi. Lambobin da ke gefen ma'aunin log suna ne kawai na wurare. Abin da takardar ke aunawa da santimita log ɗin lambobin ne, don haka ko dai a ɗebe log daga log, ko a raba lamba da lamba. Ɗebe lamba daga lamba komawa ne ma'aunin ranar farko ta bayan gida.

Ta kuma gwada auna kusurwar layin, ta samu adadin digiri, ta rasa abin da za ta yi da shi. Babu abin da za a yi da shi. Da ta ba zango santimita 10 maimakon 5, layin zai fi tsayuwa ba tare da ƙwaya ɗaya ta ƙaru a kwalbar ba. Shi ya sa ba a kwatanta tsayuwar layuka biyu da ido sai suna takarda ɗaya, ko kuma zangonsu da tazarar awoyinsu iri ɗaya ne.

Da yamma ta koma manhajar lissafi ta kwamfuta. Ta sa awoyi a shafin A, adadi a shafin B, ta zaɓi `Logarithmic scale` a saitin layin tsaye, zanen ya fito kamar nata na hannu. Sai ta ƙara shafin C na log, ta nemi hawan layin da ya fi dacewa da duka ɗigo 13:

```
C2:  =LOG10(B2)
     =SLOPE(C2:C14, A2:A14)
```

Amsar ta fito 0.100, lambar dacewar layi da ɗigogi, wadda ake rubutawa `R²`, ta kai kusan 0.96. Lambar ta burge ta. Daga 0.100 aka fitar da lokacin ninkawa na awa 3.0, ta rubuta shi a rahoton gwaji.

Malamin ya ce ta ja wannan layin a kan zanen ta duba inda ɗigogin suka faɗa. Na awa ta 0 zuwa ta 6 suna ƙarƙashin layin a jere, na awa ta 8 zuwa ta 20 suna bisansa a jere, na ƙarshe biyu sun koma ƙasa. Idan layi ya dace da bayanai, ɗigogin suna warwatsuwa ne sama da ƙasa ba tsari. Idan suka jeru ayari-ayari a gefe ɗaya, to an ɗora miƙaƙƙen layi ne a kan abu mai lanƙwasa, kuma `R²` mai girma ba ya hana haka. Awa 3.0 ɗin gaurayen abu uku ne: lokacin da ƙwayoyin ba su fara ba, lokacin da suke gudu, da lokacin da abinci ya ƙare musu. Babu wani lokaci mai tsawo da suka yi suna ninkawa a awa uku.

## Rana ta 4: zaɓen ɗigogi, da lambar da aka karanta ba daidai ba

Ta tsaya a kan ɗigo shida, daga awa ta 4 zuwa ta 14. Dalilin cire awa ta 0 a fili yake. Awa ta 2 ta bar ta a waje domin a bakin gaɓa take, ba a san ko ƙwayoyin sun riga sun kama gudu a lokacin ba. Awa ta 16 ita ce ta jawo gardama, domin a ido tana kusa da layin. Amma ninkinta 1.68 ne, ƙasa da duk na awa ta 2 zuwa ta 14, kuma wanda ya biyo ta ya fi ta ƙasa. Idan aka miƙa layin daga 1,850, awa ta 16 ta kamata ta kai kusan 3,400, ita kuwa 3,100 ce. A zango mai santimita 5 wannan giɓin milimita biyu ne kacal. Ma'aunin log yana matse bambanci a sama, abin da ya yi kama da kaurin fensir zai iya zama kashi goma cikin ɗari. Aka cire ta.

Lissafin da hannu ke nan. Log na 1,850 shi ne 3.267, log na 90 kuma 1.954. Bambancinsu 1.313, a raba da awa 10, ya ba da 0.131. Ta sake gwajin jiya. Daga awa ta 4 zuwa ta 8: 2.477 a ɗebe 1.954, a raba da 4, ya ba da 0.131. Daga awa ta 10 zuwa ta 14: 3.267 a ɗebe 2.748, a raba da 4, ya ba da 0.130. A kwamfuta, `=SLOPE(C4:C9, A4:A9)` ya ba da 0.131. A karon farko amsar ta tsaya wuri ɗaya ko ta ina aka ɗauko ta.

Sai ta rubuta cewa ƙwayoyin suna ƙaruwa da kashi 13 cikin 100 a kowace awa.

Wannan shi ne kuskure na ƙarshe, kuma ya fi sauran wuyar ganewa domin babu abin da zai nuna shi a zane. Abin da ya tona shi gwaji ne mai sauƙi: a ɗauki amsar a koma da ita kan bayanan. Idan 90 yana ƙaruwa da kashi 13 a kowace awa, bayan awa goma zai zama 90 sau 1.13 har sau goma, wato kusan 305. Abin da aka ƙirga 1,850 ne, ninkinsa shida.

Lambar 0.131 tana nufin layin yana hawa kashi 0.131 na zango ɗaya a kowace awa, shi kuwa zango ninki goma ne. Daga wannan jimlar ake fitar da duk sauran amsoshin:

```
ninki a awa ɗaya   = 10^0.131       = 1.35
awoyin ninki goma  = 1 / 0.131      = 7.6
awoyin ninki biyu  = 0.301 / 0.131  = 2.3
```

Ninkin 1.35 na nufin ƙarin kashi 35 cikin 100 a kowace awa. Da aka koma da shi kan bayanan, 90 sau 1.35 har sau goma ya ba da kusan 1,810, kusa da 1,850, ragowar kuwa daga taƙaita lambobi ne. Lokacin ninki biyu awa 2.3 ne, wato awa biyu da minti 18. An raba 0.301 ne domin shi ne rabon zango da ninki biyu ke ci, santimita 1.5 ɗin nan ta rana ta biyu.

Wata abokiyar karatunta da ta yi aiki da lambobin nan ta samu 0.30, suka ɗauka ɗayansu ta yi kuskure. Babu wadda ta yi. Abokiyar ta yi amfani da `ln` ne, log ɗin da aka gina a kan lambar `e`, wadda take kusan 2.718, maimakon goma. Hawan da aka fitar da `ln` kullum ya ninka na `log` sau 2.303, kuma 0.131 sau 2.303 shi ne 0.302. Masu nazarin ƙananan halittu sun fi rubuta wannan, shi ne kuma ke fitowa idan aka nemi manhaja ta ɗora layin `Exponential` a kan zane. Da shi, lokacin ninki biyu shi ne 0.693 a raba da 0.302, wato awa 2.3 ɗin nan dai. Amma shi ma ba kashi 30 cikin 100 a awa ba ne. Sai an ɗaga `e` zuwa 0.302 ake samun 1.35. Da a ce ƙaruwar ƙarama ce, kamar 0.02, ana iya karanta ta kashi 2 cikin 100 ba tare da asara ba, amma a 0.30 bambancin ya yi girma: 90 sau 1.30 har sau goma kusan 1,240 ne kawai. Ƙa'idar nan ta raba 70 da kashin ƙaruwa don samun lokacin ninkawa ita ma ta ƙananan kashi ce. A nan 70 a raba da 35 ya ba da awa 2.0, ya gaza da minti 18.

Malamin ya nuna mata hanyar da ba ta buƙatar kalkuleta ko kaɗan. A duba inda layin ya ƙetare 100, a duba inda ya ƙetare 1,000, a karanta awoyin da ke tsakani. A zanenta ya ƙetare 100 kaɗan bayan awa ta 4, wajen 4.4, ya ƙetare 1,000 a awa ta 12. Tazarar awa 7.6 ce. Kashi uku cikin goma na wannan shi ne 2.3. Ko kuma a zaɓi layuka biyu da ɗaya ya ninka ɗaya, kamar 200 da 400, a karanta tazarar kwance kai tsaye. Gara a yi da zango cikakke, domin kuskuren ido na rabin milimita ya fi ɓarna a gajeriyar tazara.

## Rana ta 8 zuwa ta 10: sake gwajin da kwalba uku

Don a ga ko ta riƙe hanyar, aka ba ta sabbin kwalabe uku. Ta farko an fara ta da ƙwayoyi kaɗan, kusan kashi ɗaya cikin goma na na baya, a zafi ɗaya. Ta biyu an fara ta da adadi irin na baya amma aka ajiye ta wuri mai sanyi. Ta uku ruwan reno ne zalla ba a zuba ƙwayoyi ba.

Kwalbar farko ta ba da 17 a awa ta 6, da 350 a awa ta 16. Da a ma'aunin ranar farko aka zana ta, duk tafiyarta har awa ta 16 ba za ta wuce milimita 7 ba. A ma'aunin log, da ta ƙara zango ɗaya a ƙasa, layinta ya fito kafaɗa da kafaɗa da na farko, santimita 5 a ƙarƙashinsa a duk tsawon miƙaƙƙen ɓangaren. Ninkin 350 a kan 17 kusan 20.6 ne, log ɗinsa 1.314, a raba da 10 ya ba da 0.131. Layuka biyu da ba sa kusantar juna ba sa kuma nisanta, saurinsu ɗaya ne, tazarar tsaye da ke tsakaninsu kuma tana faɗin ninkin da ɗaya ya fi ɗaya: zango guda, ninki goma.

Kwalbar sanyi ta ba da 70 a awa ta 4, da 280 a awa ta 14. Wannan ba ta taɓa kalkuleta ba: ninki huɗu a awa goma, wato ninki biyu sau biyu, awa 5 kowanne. Hawan layin 0.060 ne, ƙasa da rabin na farko kaɗan.

Kwalbar da ba ƙwayoyi ta ba da sifili duk lokacin da aka duba. Manhajar ta ƙi zana ɗigogin, `=LOG10(0)` kuma ya dawo da `#NUM!`. Ta so ta maye sifilin da 1 don zanen ya fito, aka hana ta. Duk lambar da aka ƙirƙira a gurbin sifili ita za ta yanke wurin da ɗigon zai zauna: 1 da 0.1 zango guda ne tsakaninsu, alhali dukansu na bogi ne. Ta bar kwalbar a wajen zanen, ta rubuta a ƙasa cewa ba a ga ƙwaya ba a adadin ruwan da aka duba.

## Hukunci

Rahoton ƙarshe ya ce ƙaruwa mafi sauri tana tsakanin awa ta 4 da ta 14, da ninki 1.35 a awa da lokacin ninkawa na awa 2.3. Kafin a kai nan lambobi iri ɗaya sun ba da 650 a awa, sun ba da awa 3.0, sun ba da kashi 13 cikin 100. Idan aka duba da kyau, zanen ranar farko, rabon zango daidai wa daida, da ɗebe lambobin gefe duk abu ɗaya ne ya haife su: hannu ya saba da ɗebewa a inda ake buƙatar rabawa. Na awa 3.0 daban yake, shi daga barin manhaja ta zaɓi ɗigogi ya zo. Na kashi 13 kuwa daga manta ma'aunin amsar ne, cewa zango ne a awa.

A ganinmu abin da ya fi warware matsalar ba zanen log ɗin ba ne shi kaɗai, domin ta yi kuskure uku bayan ta same shi. Gwaje-gwaje biyu marasa tsada ne suka yi aikin: shafin rabawa na ranar farko, wanda ya nuna miƙaƙƙen ɓangaren tun kafin a zana shi, da mayar da amsa kan bayanai a ga ko 90 zai kai 1,850. Zana ma'aunin da hannu ya ci yini guda, amma ba asara ba ce. Da daga manhaja ta fara, layin zai miƙe nan take, ba kuma za ta san 3 yana kusan tsakiyar zango ba sai ranar da ta karanta zanen wani ba daidai ba.

Zanen ranar farko ma ba ƙarya ya yi ba. Da tambayar ita ce yaushe aka fi samun sabbin ƙwayoyi, amsarsa ta awa ta 16 zuwa ta 18 daidai ce, kuma zanen log ba ya nuna wannan da kyau. Haka nan duk abin da aka faɗa a nan ya shafi zanen da layin tsaye kaɗai ke kan log, lokaci kuma yana kan ma'auni na yau da kullum. Idan layukan biyu duk log ne, miƙewar layi tana nufin wata dangantaka daban, kamar ta gefen murabba'i da faɗin filinsa, kuma ba a fitar da lokacin ninkawa daga ita.

Abu ɗaya da aka sa ta cire daga rahoton shi ne ɗigon hasashe da ta ƙara, inda ta miƙa layin da rula har awa ta 24. A takarda santimita shida da rabi ce kawai ta ƙara hawa. A lamba ya kai kusan 38,000, ƙirgar gaskiya kuwa a wannan awar 5,400 ce, kashi ɗaya cikin bakwai na hasashen.